Yadda Mai Ɗanyen Kifi Zai Auna Sarin Kullum

YOLA. Mai sarin ɗanyen kifin kogin Binuwai domin sayarwa a kasuwar Jimeta yana tsakanin hasara biyu ne a kowace safiya: ko kaya su yi kwantai, ko kuwa su ƙare alhali masu saye suna zuwa. Masana tattalin arziki suna da ƙa'idar auna wannan.

A ɗauka, alal misali, ya sari kilo a kan Naira 3,000, yana sayarwa 4,000. Duk kilon da aka nema aka rasa, ribar 1,000 ta wuce shi. Wanda ya yi kwantai kuwa, idan aka yi bandarsa ya kawo 2,500 bayan an cire kuɗin itace, hasarar 500 ce kawai.

Sai a raba 1,000 da jimillar biyun, watau 1,500, a sami kashi biyu cikin uku. Daga nan a jera adadin kilon da aka nema cikin kwana 30, daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki na 20. Shi ne sarin da ya dace.

In babu halin banda, aka karyar da ragowar a kan 1,000, hasarar ta zama 2,000, lissafin ya koma kashi ɗaya cikin uku, watau adadi na 10.

Abin lura, ranar da kaya suka ƙare da wuri, a rubuta har da abin da masu sayen da suka koma hannu banza suka nema, domin ciniki kaɗai ba ya nuna ainihin bukata.