Darasi na 14: Me Ya Sa Ake Shanye Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta?

Ɗalibai, a asibitocin garin Lafiya, akan ba marar lafiya magani tare da bayanin yadda zai sha. Ga misalin takardar irin wannan bayani. Ku karanta ta a tsanake.

Zuwa ga Marar Lafiya

An ba ka Amoxicillin. Aikinsa shi ne kashe ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya. Ba ya maganin mura, ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro.

A ce likita ya rubuta maka kafso 1, sau 3 a rana, har kwana 5. Jimilla kafso 15 ke nan. Ka sha ɗaya bayan kowace awa 8: ƙarfe 6 na safe, ƙarfe 2 na rana, da ƙarfe 10 na dare. Maganin ba ya daɗewa a jiki, domin yana fita ta fitsari. Idan ka tsallake lokaci, ƙarfinsa a cikin jini zai ragu, ƙwayoyin cutar su sami sararin hayayyafa.

Wataƙila a rana ta uku zazzaɓi ya sauka, ka ji ƙarfi ya dawo. A lokacin ka sha kafso 9 ne kawai, saura 6. Jin sauƙi alama ce cewa ƙwayoyin sun ragu, amma ba shaida ba ce cewa sun ƙare. Manomin doya da ya nome rabin gona ya bar rabi, ciyawa za ta sake cinye gonar. Haka cutar za ta iya dawowa, ka sake kwanciya, ka sake kashe kuɗi.

Kada ka ajiye ragowar magani don gaba, kada kuma ka ba wani. Shan irin wannan magani barkatai shi ke taimaka wa ƙwayoyin cuta su bijire masa, har ya daina aiki a kansu.

Idan ka manta, ka sha da zarar ka tuna. In lokacin na gaba ya kusa, ka bar wanda ya wuce. Kada ka haɗa biyu a lokaci guda.

Idan ka ga ƙuraje masu ƙaiƙayi, ko kumburin fuska, ko numfashi ya yi maka wuya, ka dakatar da maganin, ka garzaya asibiti nan take. Idan ba ka ji sauƙi ba bayan kwana 3, ka koma wurin likita.

Ma'anar Kalmomi
hayayyafa: ƙaruwa ta hanyar haihuwa
bijire: ƙin bin umarni, a nan, ƙin jin magani
garzaya: tafi da sauri

Aiki
1. Kafso nawa suka rage bayan rana ta uku?
2. Waɗanne alamomi ne suke sa a dakatar da magani?
3. Ku sake rubuta sakin layi na huɗu na takardar kamar mace kuke yi wa magana. Misali: "Kada ki ajiye..."