Yadda Za Ka Gyara Imel Ɗin Neman Kwastoma Ya Gajarce, Ya Kuma Taɓo Matsalarsa

Darasinmu na yau na waɗanda suka koyi wata sana'a ce ta waya ko kwamfuta, kamar gina shafin intanet ko zanen tambari, suke tura wa 'yan kasuwa saƙon neman aiki amma shiru kake ji. Za mu ɗauki imel guda ɗaya mu warware shi, mu sake ɗinka shi.

Imel ɗin na wani ƙanena ne da ke gina shafukan intanet a Kano. Ya tura shi wurare kusan arba'in cikin wata guda, ko mutum ɗaya bai amsa ba, har ya fara maganar sayar da kwamfutarsa. Ga abin da yake turawa, na cire sunansa kawai:

"Take: Neman damar gabatar da ayyukanmu na fasahar zamani

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe ko ranki ya daɗe. Da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya iyali, ya ƙoƙari. Sunana Wane, ni matashi ne mai sha'awar fasahar zamani, na kammala karatun kimiyyar kwamfuta, kuma na shafe shekara uku ina wannan sana'a. Ina gina shafukan intanet, ina zana tambari da fosta, ina kula da shafukan sada zumunta, ina tace bidiyo, ina kuma koyar da kwamfuta. Na ƙware a WordPress da HTML da CSS. A wannan zamani duk kasuwancin da ba ya intanet an bar shi a baya, don haka nake ganin ya kamata mu yi aiki tare domin ciyar da kasuwancinku gaba. Na haɗo da takardar bayanan ayyukana da jerin farashi. Ina roƙon ku taimaka ku ba ni dama ko da sau ɗaya ne, ba za ku yi da-na-sani ba. Ina jiran amsarku. Na gode."

Babu rashin ladabi a ciki, babu ƙarya. To me ya hana a amsa?

Duba shi da idon wanda aka tura wa

Abu na farko da na sa shi ya yi shi ne ya tura wa kansa saƙon, ya buɗe manhajar Gmail a wayarsa, amma kada ya shiga ciki. A jerin saƙonni abu uku kawai ake gani: sunan mai turowa, take, sai ɗan guntun layin farko. Taken nasa ya yanke tun kafin a kai ƙarshensa, layin da ke ƙasa kuma "ranka ya daɗe ko ranki ya daɗe" ne. Wannan jimlar kaɗai ta tona asirin cewa bai san ko namiji ko mace yake wa magana ba, wato saƙon gayya ne. Ɗan kasuwan da ke tsaye cikin shago, kwastoma na jiransa, da babban yatsa zai share shi ya wuce.

Na biyu, na ce ya ƙirga jimlolin da ke magana a kansa, da waɗanda ke magana a kan mai shagon. Kusan duka "ina", "na", "sunana" ne. Inda aka ambaci kasuwancin mai karɓa ma, "ciyar da kasuwancinku gaba" ne, maganar da za ta dace da mai gidan burodi, ta dace da mai asibiti. Wannan shi ne gwajin da na fi yarda da shi: idan za ka iya canza adireshi ka tura wa wani daban ba tare da ka taɓa ko kalma ɗaya ba, to ba ka rubuta wa kowa ba.

Nemo matsalar kafin ka fara rubutu

Mafi yawan aikin ba a cikin Gmail ake yin sa ba. Mun zaɓi wuri ɗaya daga cikin arba'in ɗin, wani kamfanin kayan ɗaki na wata Hajiya, masu gadaje da kujeru da kayan ɗakin amare. Muka kashe Wi-Fi, muka buɗe shafinsu da datar waya, kamar yadda mai saye zai yi. Shafin gadaje ya ɗauki kusan daƙiƙa 20 kafin hotunan su gama fitowa. Muka sanya adireshin a PageSpeed Insights, wanda kyauta ne a pagespeed.web.dev, ya nuna cewa hotunan ne suka yi nauyi. An ɗora su yadda kyamara ta ɗauke su, ba a rage su ba. Sannan muka lura da abin da ya fi wannan muni: lambar wayarsu a cikin hoton talla aka rubuta ta. Ba ta dannuwa, ba ta kwafuwa. Wanda gado ya burge shi sai ya haddace lamba goma sha ɗaya ko ya nemi biro.

Duk wannan bai ci mana minti goma sha biyar ba. Ka lura da irin matsalar da muka nemo: wadda Hajiya za ta iya ɗaukar wayarta ta gani da idonta a cikin minti ɗaya. "Kuna buƙatar ƙarfafa kasancewarku a intanet" ra'ayi ne, ana iya musa shi. "Lambarku ba ta dannuwa" kuwa ba ta da musu.

Mun ga wasu kurakuran, har da rubutun Turanci da ba daidai ba a shafin farko. Ƙanena ya so ya jera su duka don a san ya iya aiki. Na hana shi. Ba ka san wanda ya gina shafin ba, wataƙila ɗanta ne ko ƙaninta. Ka kawo aibi bakwai, ka zama mai kushe. Ka kawo ɗaya ko biyu da ke hana kuɗi shigowa, ka zama mai amfani.

Ga sabon imel ɗin:

"Take: Lambar wayarku a shafin gadaje

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki.

Jiya na buɗe shafinku a wayata ina duba gadaje. Hotunan sun ɗauki kusan daƙiƙa 20 kafin su fito, kuma lambar wayarku tana cikin hoto ne, ba ta dannuwa. Mai son saye sai ya nemi biro ya kwafe ta.

Gyaran ba ya buƙatar sabon shafi: a rage nauyin hotunan, a sa maɓallin WhatsApp a ƙarƙashin kowane gado. Na yi wa wani shagon labule irinsa, ga adireshin a ƙasa.

In turo miki hoton yadda shafin zai koma, ki gani?

Wane, mai gina shafukan intanet, Kano."

Na farko ya haura kalma 130, ga takarda maƙale. Wannan bai kai 90 ba, kuma kusan duka yana shiga fuskar waya ɗaya.

Abin da muka cire, da dalili

Gaisuwa ba mu cire ta ba, rage ta muka yi. Akwai masu koyar da cewa a faɗa kan magana kai tsaye babu sallama. Wannan ba zai yi maka aiki da Hajiya ko Alhaji ba, za a ɗauke ka marar tarbiyya. Layi ɗaya ya isa, amma a san wa ake gaisarwa. Sunan mai wurin yakan kasance a shafinsu na Facebook ko Instagram, in ba ka samu ba ka kira shagon ka tambaya.

Tarihin karatu da jerin sana'o'i biyar duk sun tafi. Wanda ya ce yana gina shafi, yana zane, yana tace bidiyo, yana koyarwa, mai karatu ba zai san a wane ɓangare zai ajiye shi ba. WordPress da CSS kuma ba damuwar mai sayar da gado ba ce. A madadinsu mun sa hujja guda: aiki makamancin wannan da ya taɓa yi, da adireshin da za a duba. In ba ka taɓa yi wa kowa ba, kada ka ƙirƙira. Ka ɗauki hoto ɗaya daga shafinsu ka rage masa nauyi, ka faɗi nauyinsa na da da na yanzu. Ita ma hujja ce.

Takardar da ya maƙala mun cire ta. Mutane da yawa suna tsoron buɗe fayil daga wanda ba su sani ba, kuma suna da gaskiya. Farashi ma bai zo lokacinsa ba, tunda ba a yarda akwai matsala ba tukuna.

Sai roƙon nan na "ku taimaka ku ba ni dama". Na san daga ladabi ya fito, amma yana mayar da kai mai neman alfarma, alhali kai ne ka zo da abin da zai amfane ta. Kuma "ina jiran amsarku" bai faɗi amsar me ake jira ba. Tambayar ƙarshe a sabon imel ƙarama ce da gangan: ba a nemi ganawa ba, ba a nemi kuɗi ba, kalma ɗaya ta isa amsa ta.

Lokacin turawa da bibiya

Ƙanena da tsakar dare yake aiki, da tsakar dare kuma yake turawa. Ba sai ka canza lokacin barcinka ba: in ka gama rubutu a manhajar Gmail, danna ɗigo uku da ke sama, ka zaɓi Schedule send, ka sa safiyar ranar aiki. Ni dai ina guje wa Juma'a da rana. Kuma kowane mutum da nasa imel. Kada ka jera adireshi ashirin a Bcc, domin hakan na iya sa saƙonka ya faɗa Spam, musamman in wasu sun fara danna Report spam a kansa.

Hajiya ba ta amsa ba a karon farko. Bayan kwana huɗu ya buɗe saƙon a Sent, ya danna Reply don ya zauna ƙarƙashin na farko, ya rubuta layi biyu: "Hajiya barka da warhaka. Na gwada rage hoton gado ɗaya, ya sauko daga 4MB zuwa ƙasa da 300KB, kuma a waya ba a ganin bambanci. In turo?" Washegari manajan shagon ya amsa: "Turo mu gani."

Bibiya ɗaya ko biyu ta wadatar, kuma kowacce ta zo da sabon abu, ba "ina tunatar da ku" kawai ba. In an yi shiru bayan haka, ka duba ko ana ma buɗe akwatin, don shaguna da yawa a nan sun buɗe imel ne ranar da aka gina musu shafi, ba su sake leƙawa ba. In haka ne, ka cire take, ka tura sauran yadda yake ta lambar WhatsApp ta kasuwancin, a saƙo ɗaya, ba "Slm" ka zauna jiran a amsa ba.