Darasin Kimiyya: Lissafin Ranakun Rigakafin Jariri

Ɗalibai, ku buɗe kalanda. Katin rigakafi yana aiki da ma'auni biyu, mako da wata, kuma kowanne da yadda ake ƙirga shi. A jadawalin Najeriya, bayan na ranar haihuwa, ana komawa asibiti a mako 6, mako 10 da mako 14, sannan a wata 9 a yi allurar ƙyanda da ta shawara, a wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Daga ranar haihuwa ake fara ƙirge. Wanda ya fara daga ranar suna ya makara da mako guda.

Mu ɗauki jaririyar da aka haifa ranar Talata, 10 ga Maris, 2026. Mako 6 kwana 42 ne. Mu tara 10 da 42, mu sami 52. Maris kwana 31 gare shi, sai mu cire 31, saura 21. Ranar ita ce 21 ga Afrilu, kwana biyu ke nan bayan arba'in. Daga nan tazarar kwana 28 ce: 21 da 28 sun ba da 49, a cire 30 na Afrilu, an sami 19 ga Mayu. A sake ƙara 28 a cire 31, an sami 16 ga Yuni. Ku duba kalandarku, duk ranakun nan Talata ne. Idan lissafin makonni ya kai ku wata rana daban da wadda aka haifi yaron, to akwai kuskure, ku sake.

Na watanni ya fi sauƙi, domin lambar ranar ba ta canzawa. Wata 9 daga 10 ga Maris shi ne 10 ga Disamba, wata 15 kuma 10 ga Yunin 2027. Amma a nan mutane suka fi yin tuntuɓe, don suna ɗaukar wata a matsayin mako huɗu. Mako 36 zai tsaya a 17 ga Nuwamba, saura kwana 23 wata 9 ya cika. Haka mai ƙirge da watan Musulunci zai zo da wuri da kusan kwana tara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin garkuwar da jariri ya samo daga mahaifiyarsa tana iya rage ƙarfin allurar ƙyanda idan an yi ta da wuri.

Idan kuma an makara fa? A ce ba a kai jaririyar nan allurar mako 6 ba sai 5 ga Mayu. Allura ta biyu ta tashi daga 19 ga Mayu ta koma 2 ga Yuni, saboda dole a bar kwana 28 tsakaninsu. Ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba. Ranar ƙyanda kuwa tana nan a 10 ga Disamba.

Aikin gida: an haifi yaro ranar Juma'a, 20 ga Nuwamba, 2026. Ku fitar da ranakunsa biyar, ku kula da tsallaken shekara da kuma kwanakin Fabrairu.