Jadawalin Shekara Guda na Neman Tallafin Karatu a Ƙasar Waje: Misali Daga Shirin Chevening

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai duba yadda mai neman tallafin ƙaro karatu a ƙasar waje yake tsara lokacinsa tun daga ranar da ya ƙudura niyya har zuwa ranar da za a tabbatar masa da gurbi. Domin kada bayani ya tsaya a kan iska, an zaɓi misali guda ɗaya, wato shirin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a shekarar 1983, yake kuma ɗaukar nauyin karatun digiri na biyu na shekara ɗaya a jami'o'in ƙasar. Abin da darasin yake son tabbatarwa shi ne, jadawali nagari daga ƙarshe ake fara lissafa shi, a dawo baya, kuma abin da ke hannun wasu mutane shi ake fara nema kafin wanda ke hannun mai nema.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) jero manyan wa'adodin neman tallafin bisa tsarin watanni;
(b) bayyana lokacin da ya dace a zauna jarrabawar harshe da dalilin hakan;
(c) tsara yadda ake neman takardar shaida daga malamai da shugabannin aiki.

3.0 Sharuɗɗan da Ke Gaban Jadawali

Kafin a ɗauki alƙalami a zana jadawali, wajibi ne mai nema ya tabbatar ya cika sharuɗɗa. Na farko, sai yana da digiri na ɗaya wanda jami'ar Birtaniya za ta karɓa. Ke nan mai takardar NCE sai ya ƙaro karatu tukuna. Na biyu, sai yana da ƙwarewar aiki ta awa 2,800. Wannan adadi daidai yake da aikin awa 35 a mako, na mako 40 a shekara, har tsawon shekara biyu. Malamin da yake aiki awa 30 a mako, mako 40 a shekara, awa 1,200 kawai yake tarawa, don haka sai ya yi shekara biyu da kimanin wata huɗu kafin ya cika. Tun daga zangon 2025, aikin da aka yi bayan kammala digiri na ɗaya ne kaɗai ake lissafawa. Wannan ya shafi malamai ƙwarai, domin shekarun da mutum ya koyar da takardar NCE kafin ya sami digiri ba za su shiga lissafi ba. Na uku, sai ya amince zai koma ƙasarsa ya zauna aƙalla shekara biyu bayan karatu.

4.0 Lissafi Daga Ƙarshe

Hanyoyi biyu ne suke tafiya kafaɗa da kafaɗa a wannan nema, kuma rashin bambance su shi ne yake kayar da mutane da yawa. Hanya ta farko ita ce neman tallafin kansa. Ta biyu ita ce neman gurbi a jami'a, wanda mai nema ne zai yi da kansa, domin masu tallafi ba sa nema wa kowa gurbi. Hanyoyin biyu suna haɗuwa ne a watan Yuli, lokacin da ake buƙatar mai nema ya gabatar da takardar gurbi marar sharaɗi daga ɗaya cikin kwasa-kwasai uku da ya zaɓa.

Ya kamata a fahimci wannan kalma da kyau. Gurbi mai sharaɗi shi ne wanda jami'a ta ce ta karɓi ɗalibi idan ya kawo wani abu da ya rage, galibi sakamakon jarrabawar Ingilishi ko cikakken bayanin makin digirinsa. Gurbi marar sharaɗi kuwa shi ne wanda babu sauran wani abu na karatu da ake jira. Wanda ya ci tattaunawa amma Yuli ta riske shi da gurbi mai sharaɗi, tallafin zai kuɓuce masa. Saboda haka, daga wannan wa'adi na Yuli ake komowa baya a sanya wa kowane aiki watansa.

5.0 Jadawalin Watanni

Yuli: A duba fasfo ko yana da sauran wa'adi. A rubuta wa jami'ar da aka kammala ana neman cikakken bayanin maki, domin wannan takarda takan ɗauki makonni, wani lokaci ma watanni. A fara karanta sharuɗɗan kwasa-kwasai.

Agusta zuwa Oktoba: A wannan tsakani ake buɗe shafin nema, a cike, a miƙa. Mai nema zai zaɓi kwas uku, ya kuma rubuta maƙaloli huɗu a kan shugabanci, da ƙulla alaƙa da mutane, da dalilin zaɓen kwas, da shirinsa na aiki bayan dawowa. Ranar rufewa tana sauyawa. A shekarar 2024 an buɗe ranar 6 ga Agusta aka rufe ranar 5 ga Nuwamba, amma a 2025 an buɗe ranar 5 ga Agusta aka rufe ranar 7 ga Oktoba. Wanda ya dogara da jadawalin bara, da wata guda ya makara. Haka kuma ƙarfe 12 na rana agogon GMT ake rufewa, wato ƙarfe ɗaya na rana a Nijeriya da Nijar, ba tsakar dare ba.

Nuwamba zuwa Disamba: A zauna jarrabawar harshe, a kuma aika takardun neman gurbi zuwa jami'o'in uku.

Janairu zuwa Fabrairu: A karɓo takardun shaida. A wajen tsakiyar Fabrairu akan fara sanar da waɗanda aka gayyata tattaunawa.

Maris zuwa Afrilu: Tattaunawa ƙarƙashin ofishin jakadancin Birtaniya. Wanda bai ci jarrabawar harshe ba, wannan ce damarsa ta ƙarshe mai sauƙi ta maimaitawa.

Mayu zuwa Yuli: A bi jami'a har ta cire sharaɗi. Sakamakon tallafi yakan fara fitowa a Yuni, wa'adin gurbi kuma ya cika a Yuli. Bayan nan sai batun biza da gwajin tarin fuka, wanda takardarsa wata shida kawai take aiki, don haka ba a gaggawar yin sa. Karatu yakan fara a Satumba ko Oktoba.

6.0 Jarrabawar Harshe

Shirin Chevening ya janye nasa sharaɗin jarrabawar Ingilishi tun shekarar 2020, amma wannan bai ɗauke wa kowa sharaɗin jami'a ba. Wasu jami'o'i suna karɓar kiredit na Ingilishi a sakamakon WAEC daga 'yan Nijeriya, wasu kuwa sai an kawo IELTS ko makamanciyarta. Abin yi shi ne a karanta shafin kowane kwas tun a Yuli, kada a dogara da jita-jita.

Jarrabawar IELTS tana da sassa huɗu: saurare, da karatu, da rubutu, da magana, kuma mafi girman maki shi ne 9. Kwasa-kwasai da dama suna neman jimillar 6.5, tare da sharaɗin kada wani sashe ya gaza 6.0. A ƙaddara wata malamar Hausa ta sami 7.0 a saurare, 6.5 a karatu, 5.5 a rubutu, da 7.0 a magana. Idan aka tara makin za a sami 26, a raba gida huɗu ya ba da 6.5. A ido ta ci, amma jami'a ba za ta cire mata sharaɗi ba saboda 5.5 ɗin rubutu. Idan a Nuwamba ta zauna, tana da wata uku ko huɗu na gyara rubutunta ta sake zama, ta aika sabon sakamako kafin Mayu. Idan kuwa ta jira har sai ta ji sakamakon tallafi a Yuni, to neman ranar zama, da jiran sakamako, da jiran jami'a ta duba, duk sai sun shiga cikin 'yan makonni, kuma babu wurin kuskure ko ɗaya.

Gaggawa ma tana da nata lahani. Sakamakon IELTS shekara biyu yake aiki, kuma jami'o'i da yawa suna lissafawa ne zuwa ranar fara karatu. Wanda ya zauna a Agustan 2024 yana shirin fara karatu a Satumban 2026, sakamakonsa ya riga ya tsufa.

7.0 Takardun Shaida

Ana buƙatar takardun shaida guda biyu, cikin harshen Ingilishi, kuma waɗanda aka gayyata tattaunawa za su ɗora su a shafin nema kafin ranar tattaunawar. Jami'o'i ma suna neman nasu daban, sau da yawa ta hanyar aika wa mai shaidar saƙo kai tsaye. Ke nan mutum ɗaya yana iya rubuta takarda har sau huɗu, kuma ladabi ne a gaya masa haka tun farko.

Ya fi dacewa a zaɓi malamin da ya duba kundin digirin mai nema, da shugaban makarantar da yake koyarwa. Girman muƙami ba ya maye gurbin sani. Takardar babban mutum da ta ce "yaro ne mai ladabi" ba ta kai ta shugaban makarantar da ya bayyana yadda malamin ya kafa ƙungiyar karatu ya kuma gudanar da ita ba. A je wurinsu tun Satumba, a kai musu taƙaitaccen tarihin aiki da sunayen kwasa-kwasai da maƙalolin da aka rubuta, a tunatar da su a Disamba, a karɓi takarda a Janairu, da kwanan wata da sa hannu, a kan takarda mai ɗauke da tambarin wurin aikinsu. Alamar da ke nuna akwai matsala ita ce mai shaida ya yi alkawari sau biyu bai cika ba. A nan sai a koma ga mutum na uku, wanda ya kamata a ce an tanade shi tun farko.

8.0 Kammalawa

An ga cewa wa'adin Yuli na gurbi marar sharaɗi shi ne ginshiƙin da sauran ranaku suka rataya a kansa. An kuma ga cewa bayanin maki, da sakamakon jarrabawar harshe, da takardun shaida duk suna hannun wasu, shi ya sa ake ba su watannin farko. Ranakun kowace shekara kuwa, a shafin shirin kansa ake tabbatar da su.

9.0 Auna Fahimta

1. Malami yana aiki awa 25 a mako, mako 40 a shekara. Shekara nawa zai yi kafin ya tara awa 2,800?
2. Bambance tsakanin gurbi mai sharaɗi da gurbi marar sharaɗi.
3. Ɗalibi ya sami 6.0 da 7.5 da 5.5 da 7.0 a sassa huɗu na IELTS. Fitar da jimillarsa, sannan ka bayyana matsayinsa a kwas mai neman 6.5 ba tare da wani sashe ya gaza 6.0 ba.
4. Rubuta wasiƙa da Hausa, wadda ba ta wuce kalma 150 ba, zuwa ga malamin da ya duba kundinka, kana neman takardar shaida, tare da ambaton wa'adin da kake buƙatar ta.