Yadda Ake Kiyasta Kaso Daga Jadawalin Da'ira Marar Alƙaluma

Bayan kowane zaɓe, hotunan sakamako kan bazu a jaridu da wayoyin hannu, kuma da yawansu jadawalin da'ira ne: da'ira guda da aka yayyanka kamar kankana, kowace jam'iyya da yankinta da launinta. Wani lokaci akan cire alƙaluman, a bar mai kallo da launuka kawai. Ido kuwa yana da saurin ruɗuwa. Wanda ke da ma'aunin kusurwa, wato rabin da'irar roba da ke cikin akwatin lissafin 'yan makaranta, zai iya gano kason kowane yanki da kansa.

Cikakkiyar da'ira digiri 360 ce, kuma ita ce ke wakiltar ɗari bisa ɗari. Saboda haka kashi ɗaya cikin ɗari daidai yake da digiri 3.6, ƙa'idar kuma ita ce:

kaso = kusurwa ÷ 3.6

Kafin awo, a tabbatar hoton da'ira ce sosai. A auna faɗinta da tsawonta da rula. Idan suka bambanta, an ja hoton ya zama kamar ƙwai, kusurwoyinsa sun gurɓace. Haka ma jadawalin da aka zana a karkace, mai kauri kamar faifai: yankin da ke gaba kan fi girmansa na gaskiya. Irin waɗannan ba su aunuwa, kada a ɓata lokaci a kansu.

Idan hoton a waya yake, a buga shi a takarda, ko a ɗora takarda marar kauri a kwafi layukansa. Sai a nemi cibiya, inda layukan yankuna suka haɗu. A ɗora tsakiyar ma'aunin a kanta, a daidaita layin sifiri da gefe ɗaya na yankin, a karanta lambar da ɗaya gefen ya nuna. Idan da'irar ƙarama ce, a tsawaita layukan da rula har su kai bakin ma'aunin. A nan ne aka fi tuntuɓe, domin lambobin ma'aunin sahu biyu ne, ɗaya ya faro daga dama, ɗaya daga hagu. Kusurwar da take 132 a sahu ɗaya, 48 take a ɗayan. Maganin shi ne a gwada yankin da kusurwar takardar littafi, wadda take digiri 90: yankin da ya fi ta buɗewa ba zai taɓa zama 48 ba.

Mu ɗauki zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Idan aka zana sakamakonsa daidai, mai awo zai sami kimanin digiri 132 ga APC, 105 ga PDP, 91 ga LP, 22 ga NNPP, sai 10 ga sauran jam'iyyu a haɗe. Kafin a raba, a tara su: jimillar 360 ce, alamar awon ya yi kyau. Da an sami 350 ko 372, to cibiyar ta goce ko an karanta sahun da ba shi ba, sai a sake. Da aka raba da 3.6, APC ta tashi da kashi 36.7, PDP 29.2, LP 25.3, NNPP kuma 6.1. Sakamakon da aka bayyana a hukumance ya ba su 36.6 da 29.1 da 25.4 da 6.2. Tazarar ba ta wuce ɗigo ɗaya ba a kowanne.

Sai dai awon yana da iyaka. Kuskuren digiri ɗaya, wanda kaurin fensir kaɗai kan jawo, yana sauya amsa da kusan kashi 0.3. Galibi wannan ba kome ba ne, amma akwai inda yake da nauyi. Sashe na 134 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya shardanta wa mai neman shugabancin ƙasa, ban da rinjayen ƙuri'u, samun aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi, kuma rubu'i a da'ira digiri 90 ne cif. Idan yankin ɗan takara a jadawalin wata jiha ya auna 110 ko 70, babu tantama wane ɓangare ya faɗa. Idan kuwa ya auna 89 ko 91, ma'auni ba zai raba gardama ba, domin kashi 24.8 da kashi 25.2 ba su kai digiri ɗaya da rabi a tsakaninsu ba. A nan sai a koma ga adadin ƙuri'un da hukumar zaɓe ta bayyana.

Haka kuma kusurwa ba ta faɗin abin da da'irar ke wakilta. Kashi 30 na sahihan ƙuri'u daban yake da kashi 30 na masu rajista, don haka a duba taken jadawalin kafin a ɗauko ma'auni.