Zufar Dare, Rama da Kaluluwa: Abin da Likita Yake Fara Nema

Jama'ar Nima da Mamobi da sauran zangunan Ankara, wannan takarda ta shafi alamomi uku ne da mutane suka saba gani su kau da kai: zufa cikin dare, rama ba gaira ba dalili, da kaluluwar da ta kumbura ta ƙi sacewa. Kowace ɗaya a cikinsu tana iya zama ba komai ba. Amma idan biyu ko uku suka haɗu a jikin mutum ɗaya, suka wuce mako biyu zuwa uku, to lokacin zama a gida ya ƙare.

Sai mu fara bambance zufa da zufa, domin wanda ya kwana a ɗaki ɗaya da mutum biyar cikin watan Maris, ga rufin kwano, ga wuta an ɗauke, dole ya yi gumi. Zufar da likita yake nufi daban take. Ita ce wadda take jiƙa riga da zanen gado sharkaf har mutum ya tashi ya sake tufa, tana dawowa dare bayan dare, ko da a watan Agusta ne da garin yake da sanyi, ga shi waɗanda suke ɗaki ɗaya da shi ba su jiƙe ba. Rama ma haka. Ba ramar azumi ko ta wahalar aiki ba. Idan mutum bai rage ci da gangan ba, amma ya rasa kashi biyar cikin ɗari na nauyinsa a wata shida, likita zai tsaya ya bincika. Idan ta kai kashi goma, magana ta yi girma. Mai kilo 70 ke nan ya rasa kilo 7. Wanda ba shi da ma'auni, wandonsa da zobensa za su gaya masa.

Ita kuwa kaluluwa, kowa yana da ita a wuya da hammata da matsematsi, aikinta tace ƙwayoyin cuta. Shi ya sa ciwon haƙori yake tayar da ta ƙarƙashin haɓa, gyambon ƙafa yake tayar da ta matsematsi. Irin wannan tana zafi, tana da laushi, kuma tana sacewa cikin mako biyu ko uku bayan ciwon ya warke. Wadda ake tsoro ita ce mai girma a hankali, marar zafi, wadda ta kai faɗin santimita 2, wato kamar faɗin babban yatsa. A nan ne mutanenmu suke kuskure. Sai ka ji an ce, ai ba ta ciwo, a bar ta. A wurin likita, rashin ciwon nan shi ne abin dubawa.

To, me likita yake fara tunani? A ƙasa irin Gana, tarin fuka ne a gaba. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar a shekarar 2013 ya nuna masu cutar sun ninka abin da ake zato sau uku ko fiye, wato da yawa suna yawo da ita ba a gano su ba. Ƙwayar tana bin iska ne, saboda haka gidan haya mai ɗakuna a jere, da taga ɗaya ko babu, wurin yaɗuwarta ne. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, tarin fuka yana iya zuwa ba tari. Ƙwayar takan bar huhu ta zauna a kaluluwar wuya, galibi gefe ɗaya. Kaluluwar takan fara da tauri, daga baya biyu ko uku su manne da juna su zama dunƙule, sai tsakiyar ta yi laushi ta tara mugunya ba tare da zafi ko ja irin na maruru ba. In an bar ta, sai ta fashe ta dinga tsiyaya wata da watanni. Da yawa daga cikin abin da ake kira sammu ko jifa a wuya, wannan ne.

Na biyu, cuta mai karya garkuwar jiki. Kada wanda aka ce ya yi gwajinta ya ɗauka an zarge shi da wani abu. Ƙa'ida ce: duk wanda ake zaton yana da tarin fuka ana yi masa, malami ne ko ɗan kasuwa, amarya ko tsohuwa, domin cututtukan biyu suna tafiya tare, kuma sanin ɗaya yana canza yadda za a yi maganin ɗayar. Kaluluwar wannan cuta takan fito a wurare da yawa lokaci guda, dama da hagu, wuya da hammata, ta daɗe watanni. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako yana fita kafin rabin awa, kuma mai shan maganinsa kullum yana rayuwa da aikinsa da iyalinsa.

Na uku, sankarar kaluluwa, wadda likitoci suke kira limfoma. Ba ta kai biyun farko yawa ba, amma kamanninta da tarin fuka ya yi yawa har hannun ƙwararren likita ba ya iya raba su da taɓawa kawai. Kaluluwarta tana da tauri irin na roba, ba ta ciwo, takan zo da zazzaɓi mai zuwa yana komawa, wani lokaci da ƙaiƙayin jiki ba ƙuraje. Irin da ake kira Hodgkin ya fi kama matasa, kuma yana cikin sankarar da ake warkewa daga gare ta sarai idan an gano da wuri. A yara akwai irin da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a shekarar 1958, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin makonni kaɗan. Wannan ba ya jira, ko na mako guda.

Akwai sauran abubuwa da likita yake kawarwa a hanya da gwaji mai sauƙi. Ciwon sukari yana ramar da mutum, haka maƙoƙon da yake aiki fiye da kima, mai sa bugun zuciya da rawar hannu. Macen da al'adarta take shirin ɗaukewa tana zufar dare, amma wannan ba ya ramar da ita, ba ya kumbura kaluluwa. Sai kuma kaluluwa mai tauri kamar dutse a ramin saman ƙashin wuya, musamman hagu, ga mai shekaru: wannan tana sa a duba ciki da ƙirji ko wata sankara ce ta yaɗo.

Bari mu yi misali da wani tela ɗan shekara 34, don a ga yadda binciken yake tafiya. Mako bakwai ke nan da ya ga kumburi a dama da wuyansa. Ya sha maganin maleriya sau biyu daga kemis, ba gwaji. Ya je asibitin Mamobi, aka ɗora shi a ma'auni: kilo 62, alhali da Sallar layya 70 yake. Kilo 8 ke nan, ya haura kashi goma. Likita ya tambaye shi ko akwai mai tari a gida ko a shago, ya ce wani yaronsa ya yi wata uku yana tari kafin ya koma garinsu. Aka shafa wuya da hammata da matsematsi, aka danna ciki a ji ko hanta ko saifa ta kumbura. Aka yi gwajin cuta mai karya garkuwa, babu. Aka ƙirga ƙwayoyin jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka karɓi kakinsa aka sa a na'urar GeneXpert, wadda take gano ƙwayar tarin fuka cikin kamar awa biyu, har ta nuna ko ƙwayar ta bijire wa maganin rifamfisin. Hoto lafiya, kaki ba komai.

Nan ne marasa lafiya da yawa suke ɓacewa, su ce asibiti ba ta ga komai ba. Alhali kaki labarin huhu kaɗai yake bayarwa. Abin da ya rage shi ne a tambayi kaluluwar kanta. Sai aka tura telan babban asibiti, irin Korle Bu ko Ridge, aka soka siririyar allura aka zuƙo ɗan abin da ke ciki, aka sa a na'urar, aka kuma duba a madubin likita. Aka sami ƙwayar tarin fuka. Da allura ba ta ba da amsa ba, da an ciro kaluluwa ɗaya ɗungum an bincika, domin limfoma ba ta cika bayyana sosai a ɗan abin da allura take zuƙowa ba. Masu cewa ƙarfe in ya taɓa kumburi sai ya bazu, ba su da hujja. Jinkiri ne yake bazar da shi.

Maganin telan wata shida ne: wata biyu na farko magani huɗu a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, ana ba da adadinta gwargwadon nauyin mutum, sannan wata huɗu magani biyu. Kyauta ne a asibitocin gwamnati, ƙarƙashin shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa. Fitsarinsa zai koma ja-ja saboda rifamfisin, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma in ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya dushe, ya koma asibiti ran nan. Zufa takan ɗauke cikin makonni kaɗan, ci ya buɗe, kuma wannan ne lokacin haɗari, don mutum yana ganin ya warke ya ajiye magani, ƙwayar ta dawo da taurin kai. Kaluluwar ma wani lokaci takan ƙara girma a farkon magani kafin ta sace; likita ne zai tantance. In kuwa wata biyu suka wuce rama na ci gaba, to a sake bincike, kada a ce sai an cika wata shida. Tarin fuka na kaluluwa kaɗai ba ya yaɗuwa ta numfashi, don haka ba dalilin ware masa kwano. Amma a nemo yaron nan mai tari, a kuma duba mutanen gida, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Saura abu biyu da suke ɓata wa likita sawu, kuma duka a kemis ake sayensu. Na farko ƙwayoyin sa ƙiba, irin deksametazon da firedinisolon, waɗanda mai rama yake rugawa gare su don a daina yi masa kallon mai ciwo. Suna kumbura fuska, suna sace kaluluwar limfoma na ɗan lokaci har in an ciro ta a kasa gane cutar, ga shi suna raunana garkuwa tarin fuka ya sami fili. Na biyu sifuro da danginsa, da ake sha da sunan taifot. Suna danne ƙwayar tarin fuka kaɗan, mutum ya ji sauƙin ƙarya, gwaji ya ƙi nunawa. Haka nan wanzamanmu, muna ganin girman sana'arku, amma kaluluwar wuya ba wurin sakiya ko ƙaho ba ce: akwai manyan jijiyoyin jini a ƙarƙashinta, kuma in ta tarin fuka ce, tsagar takan zama gyambon da ba ya rufewa. Addu'a da rubutu ba su hana zuwa asibiti. Limami ko mai unguwa da aka kai wa irin wannan kuka, ya haɗa da cewa a je a gwada.

Wanda ƙirjinsa ya toshe, ko ya yi tarin jini, ko fuskarsa da wuyansa suka kumbura gaba ɗaya, ko yaron da kumburinsa yake ƙaruwa kullum, wannan na yau ne, ba na gobe ba. Sauran kuwa, idan mako uku ya cika kaluluwa ba ta sace ba, ku je asibiti, ku tafi da kwalayen duk maganin da kuka sha, na kemis da na gargajiya, ku gaya wa likita ranar da abin ya fara. In gwajin farko bai nuna komai ba kuma alamomin suna nan, ku koma ku nemi a duba kaluluwar kanta.