Yadda Ake Rubuta Umarnin Tushe Idan Ba a San Inda Amsa Za Ta Sauka Ba

Zuwa ga sababbin ma'aikatanmu,

Na rubuto ne kan wasu layuka da ke cikin umarnin tushe na manhajarmu, wato rubutun da muke sanyawa a gurbin `system` kafin saƙon manomi ya isa ga injin harshe. A cikinsu mun gaya wa injin ƙarara cewa akwai abubuwa game da muhallin da yake aiki waɗanda ba mu sani ba, shi ma bai sani ba. Duk wanda ya zo sabo yakan so ya goge su, domin yana ganin kamar aiki ne da ba a gama ba. Kada ku goge. Ga dalili, ga kuma yadda za ku rubuta irinsu idan aikin ya zo hannunku.

Masu amfani da manhajarmu manoman rani ne a yankin Kura, Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga yake gangarowa ta babbar magudana ya rarrabu cikin gonaki, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Wani yana turo tambaya ta WhatsApp, wani ta gajeren saƙon SMS a ƙaramar waya, wani kuma malamin gona ne ke rubuta masa. Umarnin tushe ɗaya ne yake karɓarsu duka. Shi kuwa injin harshe ba ya ganin komai sai rubutun da aka miƙa masa. Idan aka yi shiru kan wani abu, ba ya barin gurbin haka nan: yakan cike shi da abin da ya fi yawan gani lokacin horonsa, wato mai karatu a gaban babban allo, da kwanan wata kusa da inda horonsa ya tsaya. Idan kuma aka faɗa masa abin da ba haka yake ba, zai bi shi sau da ƙafa. Saboda haka muke rubuta rashin sanin a fili.

Mataki na farko: raba abin da manhaja ta sani da abin da ba ta sani ba

Ku ɗauki takarda ku jera duk abin da amsa mai kyau ta dogara a kansa, sannan ku tambayi kanku: wannan, kwamfutarmu za ta iya sani a daidai lokacin da saƙo ya shigo? Kwanan wata tana iya sani, domin tana da agogo. To wannan ba abin da za a ce ba a sani ba ne. A sa manhaja ta cusa shi cikin umarnin a kowane saƙo. Hanyar da saƙo ya biyo muna sani idan ta ƙofarmu ya shigo, amma idan wata ƙungiya ta haɗa manhajarta da tamu ba ta aiko da bayanin ba, ba mu sani ba. Akwai kuma waɗanda kusan kullum ba mu sani ba: ranar da manomi ya yi shuka, girman gonarsa, da ko ruwa yana zuwa masa.

Ku riƙe wannan da kyau: furta rashin sani ba ya maye gurbin aikin nemo bayani. Duk abin da za a iya samowa, a samo.

Mataki na biyu: rubuta gurbin, ko da babu komai a ciki

Kowane saƙo yana tafiya da ɗan bayani kamar haka:

```
date: 2025-01-14
channel: unknown
planting_date: unknown
water_source: unknown
```

Abin lura shi ne layin da ba mu da bayaninsa ba ya ɓacewa, sai a rubuta masa `unknown`. Idan aka cire layin gaba ɗaya, injin ba shi da abin da zai nuna masa cewa akwai giɓi. Haka kuma kada a sa wa gurbin wata ƙima ta dindindin don a huta, misali a ce duk saƙon da ba a san hanyarsa ba a ɗauke shi na WhatsApp ne. Ranar da saƙon ya sauka a ƙaramar waya za a ga illar.

Mataki na uku: kowane "ba a sani ba" ya zo da abin yi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Jimla irin ta "ba ka san muhallinka ba" ita kaɗai ba ta da amfani, sai ma ta sa amsoshi su cika da ɗari-ɗari. Dole kowane giɓi ya samu hukuncinsa.

Ku ɗauki hanyar saƙo. SMS ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 idan duk haruffan na boko ne na yau da kullum. Da zarar ƙ, ɗ ko ɓ ɗaya ta shiga, saƙon ya koma wani tsarin da yake ɗaukar haruffa 70 kacal, idan kuma ya yi tsawo aka yanka shi, kowane yanki 67. Amsa mai haruffa 300 da za ta tafi a yanki biyu sai ta koma yanki biyar, kuma kowane yanki kuɗi ne. Teburi kuwa ba ya fitowa a SMS, ba ya fitowa a WhatsApp, sai dai tarin sanduna da alamomi. Don haka hukuncin shi ne:

```
Idan channel: unknown, rubuta zallar rubutu, ba teburi, ba alamomin ado.
Sa abu mafi muhimmanci a jimlar farko. Kada ka wuce jimla biyar.
```

Mun zaɓi abin da zai karantu a ko'ina. Mai babbar waya bai rasa komai ba idan aka ba shi zallar rubutu, amma mai ƙaramar waya ya rasa komai idan aka ba shi teburi. Batun haruffa masu lanƙwasa kuwa ba mu ɗora wa injin ba: ya rubuta Hausa daidai, ɓangaren da ke tura SMS shi ne yake yanke shawarar yadda za a aika su, domin shi ne ya san inda saƙon za shi.

Ruwa ma haka. Gonar da ke kusa da bakin magudana da wadda ke can ƙarshen layi ba sa samun ruwa daidai, kuma akwai waɗanda ba sa kan magudanar ma, da injin ban ruwa suke ja daga rijiya ko rafi. Akan kuma rufe ruwa don gyara. Shawarar da ta ce a watsa takin yuriya gobe a bi shi da ruwa tana iya jawo asara idan ruwan bai zo ba, domin yuriyar da ta zauna a saman ƙasa cikin zafi ba a shigar da ita da ruwa ba, wani kaso na amfaninta iska yake bi. Hukuncinmu a nan shi ne a ɗaure shawarar da zuwan ruwa: a zuba taki ranar da aka tabbata za a yi ban ruwa. Kada a ambaci ranar sakin ruwa sai idan tana cikin bayanin da aka bayar, a maimakon haka a tura manomi ga shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa ta yankinsa.

Mataki na huɗu: bi misali ɗaya har ƙarshe

A ce manomin tumatir daga wajen Kadawa ya turo cewa tsutsa ta kama masa gona, ya sayi magani, nawa zai zuba a tankin feshi. Mutanen nan ba su manta da 2016 ba, lokacin da tsutsar da suke kira sharon ta cinye tumatir a yankin, don haka tambayar da gaggawa take zuwa.

A ce takardar jikin kwalbar ta ce lita ɗaya a cikin ruwa lita 200. Wannan yana nufin mililita 5 a kowace litar ruwa. Tanki mai lita 16 zai ɗauki mililita 80, mai lita 20 zai ɗauki 100. Dukansu ana goya su a gonakin nan. Idan injin ya ɗauka tankin mai lita 20 ne alhali mai 16 ne, maganin ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a kowane tanki. Idan kuma ya ƙirƙiro adadin da kansa ba tare da sanin wane magani ne ba, abin ya fi haka muni, domin ƙarfin magunguna ya bambanta ƙwarai. Ga kuma tsawon kwanakin da ake jira tsakanin feshi da tsinka: idan gonar ta kusa ɗiba, kwandunan za su tafi kasuwar Kwanar Gafan da magani a jikinsu.

Abin da umarninmu yake sa a yi shi ne tambaya ɗaya tak: me aka rubuta a jikin kwalbar, suna da adadi? Girman tanki ba sai an tambaya ba, domin ana iya ba da lissafin duka biyun a jimla ɗaya. Batun jira kafin tsinka kuwa ana faɗarsa ko ba a tambaya ba, a ce ya duba kwanakin da aka rubuta a kwalbar. Kun ga giɓi uku, kowanne da maganinsa daban: ɗaya a tambaya, ɗaya a ba da amsa biyu, ɗaya a yi gargaɗi.

Ina jaddada tambaya ɗaya. Mutumin da yake tsaye a bakin fangali da katin waya kaɗan ba zai amsa tambayoyi shida ba, zai ajiye wayar ya auna da murfin kwalba. Ana tambaya ne kawai idan amsar za ta canja shawarar, kuma kuskuren zai yi tsada.

Mataki na biyar: gwada da gurbi a buɗe

Kafin ku saki kowane gyara, ku tura tambaya ɗaya sau biyu, da cikakken bayani da kuma `unknown` a kowane layi, ku ajiye amsoshin kusa da juna. Alamomin matsala a bayyane suke. Idan ta biyun ta ce yanzu ne lokacin shuka alkama alhali ba a ba ta kwanan wata ba, ta yi zato ke nan. Alkama a nan daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ake son shuka ta, wadda aka makara kuma zafin Maris yake riskarta tana cika ƙwaya. Idan ta fito da teburi, hukuncin hanyar saƙo bai kama ba. Idan kuma ta farkon, mai cikakken bayani, ta ci gaba da tambayar abin da aka riga aka ba ta, to mun zarce wajen tsoratar da injin, sai a rage.

Wanda duk ya ƙara sabon layi a cikin bayanin nan, ya rubuta hukuncinsa na `unknown` a rana ɗaya, ya kuma kawo mini amsoshin gwajin biyu in gani kafin a saki.

Wassalam,
Shugaban rukunin manhaja